Yadda Ake Bayyana Hoton Tabon Fata da Ƙa'idar ABCD a Aji

Idan malami ya haska hoton baƙin tabo a allo ya tambayi ɗalibai abin da suka gani, amsa biyu yakan samu. Wani ya ce kansa ce, wani ya ce tawadar Allah ce kawai. Su biyun duk sun tsallake aikin da aka sa su, domin sun raɗa wa cuta suna ba su faɗi abin da ke cikin hoton ba. Abin da ake so ɗalibi ya iya shi ne ya bayyana tabo da kalmomi, ta yadda likitan da bai ga hoton ba zai iya zana shi a takarda, kuma ya san ko mai tabon na buƙatar a gan shi da gaggawa. Sunan cuta daga ɗakin gwaji yake fitowa, bayan an yanko naman an duba shi da madubin likita.

Ƙa'idar ABCD ta fito ne a 1985 daga likitocin fata uku na Jami'ar New York, Robert Friedman da Darrell Rigel da Alfred Kopf. Sun tsara ta domin a riƙa gane melanoma da wuri, wato kansar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Tambayoyi huɗu ne: A na tambayar ko ɓangarorin tabon sun yi daidai da juna, B na duba bakinsa, C na ƙirga launukansa, D na auna faɗinsa. A 2004 aka ƙara E, wato ko tabon yana sauyawa. Za mu bi su da misali guda ɗaya, tabo a tafin ƙafa, saboda a jikin baƙar fata melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta cika dukansu ba. Ɗalibin da bai taɓa ganin hoto ba sai na gadon bayan Bature zai fita aiki bai san inda zai duba ba.

Mataki na farko: a tantance hoton kafin a taɓa tabon

Da yawa daga cikin kurakuran da ɗalibai ke yi daga hoton suke tasowa, don haka darasi ya fara da tambayar ko wannan hoton ya isa a yi bayani da shi. Hoton koyarwa mai kyau kashi uku ne. Akwai na nesa, wanda ke nuna dukan ƙafar domin a san wace ƙafa ce kuma a ina tabon yake. Akwai na tsakiya, wanda ke nuna tabon tare da lafiyayyar fatar da ke kewaye da shi da duk wani tabo da ke kusa. Sai na kusa, wanda tabon ya cika tsakiyarsa, da rula mai layukan milimita a kwance gefensa. Idan an samu na huɗu da aka ɗauka daga gefe, haske na zuwa a karkace, shi ne zai nuna ko tabon a shafe yake ko ya yi tudu. Hoton da aka ɗauka kai tsaye ba ya nuna tudu, kuma a hana ɗalibi ya ce tabo a shafe yake alhali wannan hoton kaɗai ya gani.

Dole kyamara ta fuskanci fatar kai tsaye. Idan aka karkata ta, da'ira takan koma mai tsawo, gefe ɗaya ya tsuke. A karkatar digiri 45, abu mai milimita 10 zai fito kamar milimita 7 ta wannan gefen, ke nan A da D sun lalace a lokaci guda. Rular ma sai ta kwanta a kan fatar, daidai da tabon. Idan aka riƙe ta a sama, kusa da kyamara, layukanta za su fi girma a hoto, tabon kuma ya fito ƙarami.

Haske yana da nasa rikicin a kan baƙar fata. Filashin waya yakan bar farin ƙyalli a tsakiyar tabo, musamman idan an shafa mai, sai ɗalibi ya ƙirga ƙyallin a matsayin farin launi. Idan kuma aka shimfiɗa farin zanen gado a baya, kyamara takan rage haske da kanta, fatar ta yi duhu, launuka uku su haɗe su zama baƙi ɗaya. Abin da ya fi shi ne hasken rana a inuwa ko kusa da taga, da ƙyalle shuɗi ko kore marar ƙyalli a baya. A kashe duk wani saitin gyaran fuska, domin aikinsa shi ne shafe irin ƙananan bambance-bambancen da ake nema. Kafin ɗaukar tafin ƙafa a wanke shi a tsane, saboda ƙura da kaushi, balle a lokacin hunturu, suna lulluɓe launi da fari-fari. Idan za a tura hoton ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, don in an tura shi yadda aka saba manhajar tana matse shi, bakin tabon ya dushe.

Maganar izini ba a wasa da ita. Sai mai jikin ya yarda a rubuce cewa za a yi koyarwa da hotonsa. A yanke fuska, a cire suna da lambar kati, a goge bayanan wuri da waya ke liƙawa a jikin fayil. Tsagar gado da zobe da zanen lalle duk suna iya tona ko wane ne, a garin da kowa ya san kowa.

Mataki na biyu: wuri da nau'in tabo

Kafin a shiga haruffan, jimlar farko ta faɗi abu uku: ina tabon yake, guda nawa ne, kuma wane iri ne. Ga hoton da za mu yi aiki da shi. Tafin ƙafar hagu ne na wani manomi mai shekara 58, an ɗauka yatsu na kallon sama. Tabo ɗaya ne mai duhu a tsakiyar dunduniya, inda nauyin jiki ke sauka. Hoton gefe ya nuna yawancinsa a shafe yake, sai wani ɗan wuri da ya taso.

A koya wa ɗalibai su ɗauki tabon kamar fuskar agogo, kuma su rubuta inda ƙarfe 12 yake. A nan ƙarfe 12 na wajen yatsu, ƙarfe 6 na wajen bayan dunduniya. Tunda tafin ƙafar hagu muke kallo yatsu a sama, babban yatsa yana hannun hagun mai kallo, don haka ƙarfe 9 shi ne gefen ciki, ƙarfe 3 gefen waje. Wannan ƙaramin abu ne, amma ba tare da shi ba kalmomi irin su sama da ƙasa da dama ba su da ma'ana ga wanda zai karanta bayanin.

Mataki na uku: A, daidaiton ɓangarori

A ja layi ya bi tsawon tabon, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sai a ja na biyu ya ratsa na farko a tsakiya, su yi giciye. Ana iya yin haka da alƙalamin allo a kan hoton da aka haska, ko a ɗora farar leda mai gani-har-hanji a kan hoton da aka buga. Tambayar ita ce, in an naɗe tabon a kan layin farko, rabin nan zai rufe wancan? Sai a maimaita a kan layi na biyu. Amsa uku ce ke yiwuwa: ya daidaita a layi biyun, bai daidaita a layi ɗaya ba, ko bai daidaita a duka biyun ba.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko, ɗalibi ya ga tabo mai siffar ƙwai ya ce bai daidaita ba, don ba da'ira ba ce. Mai siffar ƙwai, muddin ƙarshensa biyu girmansu ɗaya, daidaitacce ne, in an naɗe shi a kan kowane layi yana rufe kansa, kuma tawadar Allah ta tafin ƙafa takan ɗan yi tsawo ta bi zanen fata ba tare da wata illa ba. Na biyu ya fi haɗari: ɗalibi ya duba siffar waje kawai ya manta da ciki. Tabo yana iya zama zagaye sumul amma rabinsa baƙi ƙirin, rabinsa ruwan ƙasa. Wannan ma rashin daidaito ne, kuma sau da yawa ya fi na siffa nauyi. Dalili shi ne ƙwayoyin tawadar Allah suna girma tare, su tsaya tare, su kuwa na melanoma wani rukuni yakan fi wani saurin yaɗuwa da yawan launi, sai gefe ɗaya ya tsere wa ɗaya.

A hoton manomin, dogon layin ya tashi daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 6. Rabin waje ya kumbura ya fi rabin ciki faɗi. A layi na biyu kuma, rabin da ke wajen yatsu baƙi ne mai faɗi, rabin da ke baya siriri ne mai haske. Sai a rubuta: bai daidaita ba a layi biyun, a siffa da launi.

Mataki na huɗu: B, bakin tabo

Wannan shi ne matakin da ya fi buƙatar haƙuri, domin tambayoyi biyu ne aka cusa a harafi ɗaya, kuma ɗalibai sukan haɗa su. Tambaya ta farko game da tafiyar layin ce: sumul yake zagayawa, ko yana da lanƙwasa da tsaga da 'yan yatsu da ke kutsawa cikin lafiyayyar fata? Ta biyu game da kaifinsa ce: launin ya tsaya cak a wuri ɗaya, ko yana dushewa a hankali har a rasa inda ya ƙare? Baki yana iya zama mai kaifi kuma mai tsaga, yana iya zama sumul kuma mai dushewa. A sa ɗalibi ya amsa kowace daban.

Hanyar da ta fi ita ce a fara daga ƙarfe 12 a bi agogo a zagaya, ana faɗin abin da aka tarar. A misalinmu, daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 4 bakin yana da kaifi, amma ba sumul ba, akwai tsaga mai zurfin kusan milimita 2 a ƙarfe 2, da ɗan yatsa da ya fito a ƙarfe 11. Daga ƙarfe 5 zuwa ƙarfe 9 launin ya naso cikin fata kamar tawada a jikin yadi, babu takamaiman layi. Wannan bambancin, kaifi a wani gefe da naso a wani, shi kansa abin rubutawa ne. Tawadar Allah da bakinta ya ɗan dushe ko'ina daidai wa daida ba ta tayar da hankali kamar tabon da kowane gefensa ke da halinsa.

Ga wata dabara da ke raba naso na gaskiya da hoton da bai fito tas ba. A dubi zanen fatar tafin ƙafa, waɗannan siraran layukan, a daidai wurin da bakin ya dushe. Idan layukan sun fito tas amma launin ne ya naso, to nason na tabon ne. Idan layukan ma sun dushe, kyamara ce ba ta kama wurin ba, kuma abin da ya dace a rubuta shi ne ba a iya tantance bakin daga ƙarfe kaza zuwa kaza a wannan hoton. Dunduniya a lanƙwashe take, don haka gefen da ya gangara yakan fita daga inda kyamara ta kama. A yaba wa ɗalibin da ya rubuta haka, kada a rage masa maki.

Mataki na biyar: C, launi

Kada a bar kowa ya ƙirƙiro nasa sunan launi. A ba aji jeri guda: ruwan ƙasa mai haske, ruwan ƙasa mai duhu, baƙi, ja, fari, da shuɗi mai ruwan toka. Ɗalibi ya faɗi waɗanda ya gani, ya faɗi inda kowanne yake, kuma ya fara da launin lafiyayyar fatar da ke kewaye, domin ita ce ma'auni. Ba a ƙirga fari sai ya fi fatar kewaye haske. Ba a ƙirga ƙyallin filashi, ba a ƙirga farin kaushi.

Yana da kyau ɗalibai su san abin da kowane launi ke nufi, don su daina haddar jeri kawai. Launin fata ɗaya ne, melanin, zurfin da yake ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. In yana can saman fata sai ya fito baƙi, in yana ɗan ƙasa ya fito ruwan ƙasa, in ya nutse cikin fata ta ciki ya fito shuɗi ko ruwan toka. Ja na nuna jijiyoyin jini sun ƙaru ko wurin ya kumbura. Fari a cikin tabo yakan nuna inda garkuwar jiki ta cinye wani ɓangare ta bar tabon warkewa. Saboda haka launuka da yawa a tabo ɗaya suna nufin abubuwa daban-daban na faruwa a zurfi daban-daban, abin da ba a saba gani ba a tawadar Allah mai zaman lafiya.

A baƙar fata ja ba ya fitowa ja. Yakan zo da ruwan hanta ko shunayya, ko kuwa wurin ya ƙara duhu kawai. A tafin ƙafa, da yake fatar ta fi haske, ana ɗan ganinsa. Haka kuma mutane da yawa masu baƙar fata suna da ƙananan ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a tafin ƙafafunsu biyu, shafaffu, masu launi ɗaya, kuma ba cuta ba ne. A nan hoton tsakiya yake da amfani: wane tabo ne ya fita daban da 'yan uwansa? Wanda ya bambanta shi ake bi.

A hoton manomin launi huɗu ne. Baƙi ya mamaye rabin da ke wajen yatsu, ruwan ƙasa mai duhu ya kewaye shi, ruwan ƙasa mai haske ya bi wajen ƙarfe 5 zuwa 9, sai shuɗi mai ruwan toka a ɗan tudun nan da ke kusa da ƙarfe 2. Babu ja, babu fari.

Mataki na shida: D, faɗi

Ana auna wuri mafi tsawo, sannan a auna mafi faɗi a giciye da shi, a rubuta duka biyun da milimita. Ba a cewa kamar ƙwayar wake ko kamar kwabo. Tunda hoton da ke allo ya fi ainihin tabon girma, sai a yi ɗan lissafi da rular da ke cikin hoton. A ɗora wata rula a kan allon a auna tsawon milimita 10 na rular cikin hoto. A ce ya ba da milimita 40. Sai a auna tabon a kan allon, ya ba da 56 a tsawo da 36 a faɗi.

```
56 ÷ 40 × 10 = 14
36 ÷ 40 × 10 = 9
```

Tabon milimita 14 ne da 9. Kada a ƙara ko a rage girman hoton tsakanin awon rula da awon tabo, in ba haka ba lissafin ya rushe. Mai kwamfuta zai iya yin wannan da manhajar ImageJ, wadda kyauta ce: ya ja layi a kan rular, ya shiga Analyze, ya zaɓi Set Scale, ya rubuta tsawon da ya sani. Idan babu rula a hoton, a rubuta ba a iya auna faɗi, a wuce. Ƙiyasi da faɗin yatsa ba awo ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a auna baƙin wurin kawai. A wannan hoton baƙin ɓangaren milimita 8 ne, sauran 6 ɗin suna cikin nason nan mai haske. Nason ɓangaren tabo ne, kuma a melanomar tafin ƙafa wannan shafaffen gefen yakan yi nisa fiye da yadda ido ke zato.

Iyakar da ƙa'idar ta sa ita ce abin da ya wuce milimita 6, kimanin faɗin magogin da ke gindin fensir. A tafin ƙafa, likitocin fata na Japan, waɗanda suka daɗe suna nazarin wannan nau'in, suna aiki da milimita 7. A gaya wa ɗalibai ƙarara cewa wannan lambar ba katanga ba ce. Kowace melanoma ta taɓa zama ƙarama, ana kuma samun waɗanda ba su kai milimita 6 ba, sannan akwai manyan tawadar Allah da aka haifi mutum da su waɗanda suka zarce haka nesa. Faɗi kuma ba ya nuna yadda cutar ta yi nisa. Abin da ke nuna hakan shi ne kaurinta zuwa cikin fata, awon da Alexander Breslow ya bayyana a 1970, wanda sai a ɗakin gwaji ake yinsa.

Mataki na bakwai: a haɗa bayanin wuri ɗaya

Yanzu sai ɗalibi ya rubuta sakin layi guda, da wannan jerin, ba tare da sunan cuta ba:

"Tabo ɗaya mai duhu a tsakiyar dunduniyar ƙafar hagu, ƙarfe 12 na wajen yatsu. Yawancinsa a shafe, da tudu mai faɗin milimita 4 kusa da ƙarfe 2. Bai daidaita ba a layi biyu, a siffa da launi. Bakinsa mai kaifi ne kuma ba sumul ba daga ƙarfe 10 zuwa 4, da tsaga a ƙarfe 2, ya naso daga ƙarfe 5 zuwa 9. Launi huɗu: baƙi, ruwan ƙasa mai duhu, ruwan ƙasa mai haske, shuɗi mai ruwan toka a kan tudun. Milimita 14 da 9, har da nason. Babu gyambo ko jini da ake gani. Babu hoton baya da za a kwatanta."

Jimlar ƙarshe tana da muhimmanci, domin hoto ɗaya ba ya amsa tambayar E. Sauyi sai da hoto biyu da aka ɗauka a lokuta daban, da rula da haske iri ɗaya, ko kuma daga bakin mai tabon: yaushe ya fara ganinsa, ya ƙara girma, ya sauya launi, yana ƙaiƙayi, yana jini? Sai bayan an kammala bayanin malami zai buɗe tarihin, a ce manomin ya lura da tabon shekara biyu da suka wuce yana ƙarami, tudun kuma cikin 'yan watannin nan ya fito. Daga nan ɗalibi ya ƙara layi ɗaya: ana zargin melanoma, a tura shi wurin likitan fata ko likitan tiyata da gaggawa. Ba a buƙatar haruffa huɗun su cika kafin a tura mutum. Alama ɗaya mai ƙarfi, ko sauyi kaɗai, ta isa.

A kula da wani ruɗani. Akwai wata ABCD ta daban, wadda Wilhelm Stolz da abokan aikinsa suka fitar a 1994 domin hoton damatoskof, na'urar da ke ƙara girman fata kusan sau goma da haske na musamman. A can D ba faɗi ba ne, tsarin cikin tabon ne, kuma ana ba da maki ana tarawa. Ba a ɗora wannan lissafin makin a kan hoton waya.

Inda ƙa'idar ke ruɗi, da inda take makancewa

Dole tarin hotunan aji ya ƙunshi abubuwan da ke cika sharuɗɗan ABCD alhali ba kansa ba ne. Jinin da ya kwanta a cikin kaurin fatar dunduniya, bayan gudu ko ƙwallo ko takalmi mai matsi, yana fitowa baƙi da baki marar tsari, amma yakan zo farat ɗaya, ya ɓace cikin makonni, kuma likita na iya kankare shi daga saman fata. Akwai naman gwari da ke barin shafaffen tabo mai ruwan ƙasa a tafin hannu ko ƙafa. Ragowar lalle, musamman wanda aka sa wa abin ƙara baƙi, yana barin launuka biyu ko uku da baki mai naso yayin da yake gogewa, shi ya sa a tambayi mace yaushe ta yi ƙunshi kafin a ɗauki hoto. A jikin tsofaffi kuma akwai baƙaƙen tsiro masu kaushi a baya da ƙirji da fuska, masu kama da an manna su a kan fata, waɗanda sukan wuce milimita 6 ba tare da wata illa ba.

Ɗaya gefen ya fi ban tsoro. Akwai melanoma mai fitowa dunƙule, zagaye, launi ɗaya, baki sumul, wadda ke tsallake A da B da C baki ɗaya, alhali ita ce mai saurin nutsewa. Alamunta su ne ta taso, ta yi tauri, tana girma cikin makonni. Akwai wadda ba ta da launi ko kaɗan, sai ta zo kamar jan tsiro ko gyambon da ya ƙi warkewa, a yi ta wanke shi ana ɗaurewa da sunan ciwon suga ko ƙaya. Gyambon ƙafa da ya haura wata biyu bai warke ba duk da magani yana buƙatar a sake duba shi, a nemi ko ɗan launi a bakinsa. A farce, abin lura shi ne layi mai duhu a farce ɗaya, wanda ya kai milimita 3 ko yake ƙara faɗi, ko launinsa ya tsallaka zuwa fatar gindin farcen, domin siraran layuka a farata da yawa abu ne da aka saba gani a baƙar fata. Ga zabiya kuwa, kansar da ta fi damunsu wata iri ce daban, mai zuwa da ɓawo da gyambo a fuska da kunne da wuya, kuma ABCD ba don ita aka yi ba.

Yadda za a tafiyar da darasin

A haska hoto ba tare da tarihi ba, a ba da minti uku kowa ya rubuta nasa shi kaɗai. In aka fara da tambayar baki, wanda ya fi ƙarfin murya zai ja ajin duka. Bayan haka a yi aikin bibbiyu: ɗaya ya juya wa allo baya, ɗaya ya karanta masa bayaninsa, shi kuma ya zana abin da ya ji. Duk inda zanen ya saɓa wa hoton, a nan bayanin yake da giɓi, kuma ɗalibai suna ganin giɓin da idonsu ba sai malami ya nuna ba. Hoto shida zuwa takwas sun isa zama ɗaya. Marasa illa su fi yawa a cikinsu, kamar yadda abin yake a asibiti, kuma duk hoton da za a kira melanoma ya kasance wanda gwajin nama ya tabbatar.

Wajen duba rubutun, a ja layi a ƙarƙashin kalmomi irin su mummuna, abin tsoro, ba daidai ba, babba, a mayar wa ɗalibi ya sauya kowace da abin da za a iya nunawa da yatsa ko a auna. A kuma tambaye shi me hoton ba zai iya gaya masa ba: taurin tabon, zafinsa, ko akwai kaluluwa a gindin cinya, da abin da ke tsakanin yatsu da ɗaya ƙafar. Waɗannan sai da hannu, mutum na gabanka.

Ɗaliban da za su yi aiki a ƙananan asibitoci su fita da umarni bayyananne game da tabo irin na manomin nan. Ba a ƙona shi, ba a kankare shi, ba a ɗiga masa wani abu mai ci, kuma a gargaɗi mai shi kada ya kai wa wanzami, domin duk abin da ya lalata saman tabon yana lalata awon kaurin da magani ya dogara a kansa. A rubuta bayanin yadda aka koya, a haɗa da hotuna uku masu rula da kwanan wata, a tura mutumin asibitin da ke da likitan fata da ɗakin gwajin nama, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A can, idan tabon ƙarami ne za a cire shi duka da ɗan gefe na kusan milimita 2 a kai gwaji, idan kuma ya yi faɗi a tafin ƙafa za a yanko daga wurin da ya fi kauri, wanda a wannan hoton shi ne tudun nan mai ruwan toka da ke ƙarfe 2.